Na'ura ta duba od, hannunka ya zuba kuɗin

Tambaya: Malam, ina so in haɗa Google Sheets ya riƙa ɗauko min od na wasannin ƙwallo daga kamfanonin caca, ya sanar da ni idan ya ga mai kyau. Na gwada IMPORTHTML, sai #N/A yake nuna min. Kuma an ce kamfani na iya rufe min asusu. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan #N/A ba laifinka ba ne. IMPORTHTML da IMPORTXML suna karanta abin da ke rubuce a shafi lokacin da aka fara aiko shi ne kawai, su kuwa shafukan caca sai bayan an buɗe su JavaScript ke zuba lambobin. Shi ya sa Sheets yake tarar da fanko. Ko da ya samu wani abu, kusan sau ɗaya a awa yake sabuntawa, od kuwa tana iya canjawa sau da yawa cikin minti goma. Ka bar wannan hanyar.

Hanyar da ke aiki ita ce ka karɓi lambobin daga mai tattara su, ta ƙofar da aka buɗe don na'ura, wato API. Misali The Odds API, wanda ke haɗa od na kamfanoni da yawa a amsa ɗaya:

```
https://api.the-odds-api.com/v4/sports/soccer_epl/odds?regions=eu&markets=h2h&oddsFormat=decimal&apiKey=MAKULLINKA
```

A wurin MAKULLINKA ka sa makullin API da suka ba ka. Sai ka buɗe Apps Script daga cikin Sheets, ka kira wannan adireshin da UrlFetchApp.fetch, ka zuba amsar a tebur, ka sa MailApp.sendEmail ya aiko maka saƙo. Inda mutane ke faɗuwa shi ne lissafin kira. Tsarin kyauta maki 500 ne a wata, kuma kowane kira yana cin yawan kasuwannin da ka nema sau yawan yankunan. Idan ka sa ya duba duk minti biyar, kira 288 ke nan a rana, kafin kwana biyu sun ƙare. Gara ka taƙaita: ranar wasa kawai, awa uku kafin a take, duk minti 15, kasuwa ɗaya, yanki ɗaya. Maki 12 ke nan. Ka kuma duba jerin kamfanonin da suke kawowa tukuna, don ba lalle naka yana ciki ba.

Amma abin da na fi so ka kama shi ne mene ne "od mai kyau", domin saƙon da aka gina a kan lissafi mara kyau saurin asara kawai yake ƙara maka. Da yawa suna cewa a sanar da su idan wani kamfani ya fi wani. Wannan bai isa ba, saboda kowace od akwai ribar kamfani a cikinta, sai ka cire ta kafin ka kwatanta.

Mu ɗauki wasa ɗaya. Ka zaɓi kamfanin da za ka yi awo da shi, mai ƙaramar riba kuma mai karɓar manyan kuɗi. Masu wannan harka sun fi amfani da Pinnacle ko kasuwar musaya ta Betfair, inda masu caca ke karawa da junansu ba da kamfani ba. A ce ya ba mai gida 2.10, canjaras 3.40, baƙo 3.60. Raba 1 da kowace: 0.4762, da 0.2941, da 0.2778. Jimilla 1.0481. Wannan 0.0481 da ya hau kan 1 shi ne rabon kamfani, kusan kashi 4.8 cikin 100. Raba 0.4762 da 1.0481, ka samu 0.4543: damar mai gida ke nan a ganin kasuwa, kuma od da ta yi daidai da ita 2.20 ce. Yanzu idan wani kamfani ya ba ka 2.18, ido zai ce ta fi 2.10, amma 2.18 sau 0.4543 ya ba da 0.990, wato kana ƙasa. Idan 2.30 ce, sakamakon 1.045, rinjaye na kashi 4.5. A tebur, idan B2 zuwa D2 su ne od na awo, E2 kuma wadda aka yi maka tayi:

```
=E2*(1/B2)/(1/B2+1/C2+1/D2)-1
```

Ka sa saƙo ya fita ne kawai idan sakamakon ya wuce 0.03, kuma lokacin da ke cikin last_update na amsar API, wato lokacin da aka sabunta od ɗin, bai wuce 'yan mintuna ba. Ka ajiye shafi guda na wasannin da aka riga aka sanar da kai, in ba haka ba saƙo ɗaya zai yi ta maimaituwa har ya cinye imel 100 da Google ke bari a rana. Idan kuwa ka ga rinjaye na kashi 20, kada ka yi murna. Kusan kullum ɗayan uku ne: lambar ta tsufa, ko teburinka ya haɗa wasanni biyu masu kama da suna (manyan ƙungiya da 'yan ƙasa da shekara 21, alal misali), ko kamfanin ya yi kuskuren rubutu, kuma dokokinsu sun ba su damar soke irin wannan cacar ko su biya ta a od ɗin da suka ce ita ce daidai.

Ina kuma so ka san girman kashi 4.5 ɗin nan, don kada ya ruɗe ka. Idan ka zuba kuɗi iri ɗaya sau 100 a irin wannan od, ribar da lissafi ke sa rai ninki huɗu da rabi ne na zubi ɗaya, amma kai-komon sa'a ya kai ninki 11 sama ko ƙasa. Ma'ana, ko lissafinka daidai ne, kusan sau ɗaya cikin uku za ka gama zubi 100 kana cikin asara.

Batun rufe asusu kuwa, abu biyu ne ake cakuɗawa. Na farko karya sharaɗi. Yawancin kamfanoni sun rubuta a sharuɗɗansu cewa ba a yarda na'ura ta shiga asusu, ta kwashi bayanai ko ta zuba caca ba. Suna ganewa ta yawan buƙatu daga adireshi ɗaya, da tazarar lokaci da ba ta canjawa, da saurin da ɗan'adam ba zai iya ba. Alamar farko ita ce shafin ya amsa da lambar kuskure 429 ko 403, ko gwajin CAPTCHA da bai ƙarewa. Bayan nan sai soke cacar da aka zuba, a riƙe kuɗi ana bincike, a rufe asusun. Saboda haka kada ka taɓa sa sunan shigarka da kalmar sirrinka a cikin shirin. Tsarin da na zayyana maka bai taɓa shafinsu ba sam: shi ya karanta a wani waje, kai ka zuba da hannunka.

Na biyu shi ne taƙaitawa, kuma wannan tana samun wanda bai karya komai ba. Kamfani yana auna od da ka ɗauka da wadda aka rufe kasuwa a kanta. Idan ka ɗauki 2.30 aka rufe a 2.12, kuma haka ta yi ta faruwa, sun san farashinsu kake farauta, ko da kana faɗuwa a wannan makon. Sai su rage iyakar abin da za ka iya zubawa. Za ka gane: inda da kake zuba 100 yanzu 5 kawai ake karɓa, ko tikitinka ya tsaya jiran amincewar ma'aikaci, ko garaɓasa ta daina zuwa. A shekarar 2025 hukumar kula da caca ta Birtaniya ta fitar da alƙaluman da suka nuna an taƙaita asusu sama da 640,000 cikin kusan miliyan 15, kimanin kashi 4 cikin 100.

Idan hakan ta same ka, kada ka buɗe wani asusun da sunan wani. Ranar cire kuɗi za a nemi katin shaida, a nan ne kuɗin ke maƙalewa, kuma ba ka da bakin ƙorafi. In dai lalle kana son na'ura ta zuba da kanta, wurinta kasuwar musaya ce irin Betfair, idan doka da kamfanin sun yarda da ƙasar da kake. Su kamasho suke cira daga ribar wanda ya ci, shi ya sa suke da API a hukumance. Makullinsu na kyauta lambobinsa suna zuwa da jinkiri har zuwa minti uku, na gwaji ne. Na kai-tsaye sai an nema an biya.

Kafin ka zuba ko sisi, ka bar teburin ya yi wata biyu yana rubuta od ɗin da ya sanar da kai da wadda aka rufe a kanta. Idan a mafi yawan layuka ta rufewa ba ta yi ƙasa da taka ba, gyara ma'aunin tukuna.