Mai makaranta kullum da sabuwar magana: Ajayil ko Wotafol?

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu uku ne muka karɓi aikin manhajar wata makaranta mai zaman kanta, ta sakamakon jarrabawa da kuɗin makaranta. An yanke kuɗi, an ba mu wata uku. Amma duk sati sai mai makarantar ya zo da sabon abu. Ajayil ya kamata mu bi ko Wotafol?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na yi irin wannan aiki da makarantu, kuma shawarata ita ce ku bi Ajayil, wato ku riƙa gina manhajar kaɗan-kaɗan a gajerun zagaye kuna nuna wa mai aikin, amma da sharuɗɗa biyu. In babu su, Ajayil ɗin zai fi Wotafol cutar da ku.

Wotafol dai a rubuta duk buƙatu ne a sa hannu, a tsara, a rubuta manhajar, a gwada, a miƙa, ba a fara wani mataki sai wanda ya gabace shi ya kammala. Yana aiki idan mai aikin ya san abin da yake so tun farko. Mai makaranta kuwa bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne, sai ya ga abu a kan allon kwamfuta sannan yake tuna yadda suke yi a zahiri. Ko Winston Royce, wanda ake danganta wa zanen matakan nan na 1970, a cikin takardar da ya fitar da zanen shi da kansa ya yi gargaɗin cewa akwai haɗari a binsu sau ɗaya a miƙe, domin gwaji na zuwa ne a ƙarshe, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada. In ka sa mai makarantar ya sa hannu a kan shafi talatin, zai sa, amma ranar miƙa aiki zai ce ba haka yake nufi ba, ya riƙe cikon kuɗinku.

Sharaɗi na farko shi ne musaya. Kuɗi a yanke yake, lokaci a yanke yake, to abin da ya rage mai motsi shi ne yawan aikin. Ku raba wata ukun gida shida, kowane zagaye sati biyu. Ku uku a kwana goma na aiki, kwana talatin kenan a takarda, amma kar ka lissafa fiye da ashirin, don akwai taro da gyaran kurakurai da ranar da babu wuta. Ashirin sau shida, ɗari da ashirin. Iyakar jarinku kenan. Ku jera duk abin da ake so a takarda ɗaya, mafi muhimmanci a sama, kowanne da ƙiyasin kwanakinsa, sannan ka ja layi a inda ɗari da ashirin ta ƙare. Ranar da mai makarantar ya ce yana son a riƙa tura wa iyaye saƙon tes idan sakamako ya fito, kar ka ce a'a, kar kuma ka yi saurin cewa to. Ka ce: "Ranka ya daɗe, wannan kwana biyar ne. Wanne za mu sauke ƙasan layi, rajistar halartar ɗalibai ko katin shaida?" Shi zai zaɓa. In ya ce duka yake so, ƙasan layi kashi na biyu ne, da kuɗinsa daban. Na lura cewa da zarar an fara sa wa buƙata farashi da kwanaki, da yawansu mai aikin da kansa yake cewa a bari tukuna. Sabon abu kuma ba ya shiga tsakiyar zagaye, sai ya jira na gaba. Bayan kowane zama ka tura masa abin da aka yanke a rubuce, ko ta WhatsApp ne, ya amsa.

Wannan musayar ita ce mutane da yawa suke tsallakewa, su ɗauka Ajayil na nufin duk abin da kwastoma ya faɗa a yi. Mutum goma sha bakwai da suka fitar da sanarwar Ajayil a jihar Utah ta Amurka a 2001 sun fifita karɓar canji a kan bin tsari, gaskiya ne, amma ba su ce canji kyauta ba ne.

Sharaɗi na biyu, kuma nan nake so ka fi mai da hankali: ba duk canji ne ɗaya ba. Launin takardar sakamako, wurin sa hannun shugaban makaranta, tambari, waɗannan a canza su sau goma ma ba komai. Tsarin rumbun bayanai kuwa kamar yankan yadi ne a wurin tela, in almakashi ya wuce ya wuce. Don haka satin farko ku yi shi irin na Wotafol, ku zauna da akawu da jami'in jarrabawa, ba mai makaranta kaɗai ba. Ka ce a ba ka littafin rasit na zangon da ya wuce ka buɗe shi da hannunka. A wata makaranta da na yi wa aiki, an tabbatar mana cewa kowane ɗalibi yana biyan kuɗinsa ne a zango. Da muka buɗe littafin sai ga rasit ɗaya, uba ya biya wa 'ya'yansa uku a dunƙule, kuma bai cika ba, akawu ta rubuta ragowar da jan biro a gefe. Wanda ya yarda da maganar baki zai gina wannan:

```
payments(id, student_id, amount)
```

Abin da littafin ke nunawa kuwa wannan ne:

```
payments(id, guardian_id, amount, paid_on)
allocations(payment_id, invoice_id, amount)
```

Wato biya ɗaya ana iya rarraba shi a kan bashin yara da yawa, bashi ɗaya kuma ana iya biyansa kashi-kashi. A satin farko bambancin nan aikin yini ne. A zagaye na huɗu kuwa, bayan an shigar da biyan ɗaruruwan ɗalibai, sai an sake rasit da rahoton masu bashi, a kwashe tsofaffin bayanai zuwa sabon tsari, a kuma tabbatar ko naira ɗaya ba ta ɓata a hanya ba. Haka ma rabon maki. In yau gwajin aji 30 ne jarrabawa 70, kar ka kafe shi a cikin manhajar, ka mai da shi saiti da aka ɗaure wa kowane zango, don ranar da suka koma 40 da 60 kar sakamakon bara ya canza. Ka tambayi rangwamen 'ya'yan malamai da ɗalibin da ya maimaita aji tun yanzu.

Akwai alamun da za su nuna maka abin ya fara karkacewa. In zagaye biyu suka wuce a jere babu abu ɗaya da akawu za ta iya amfani da shi da kanta, komai "ya kusa", to kun ɗebo da yawa, ku rage. In kwanakin da suka rage a saman layi ba sa raguwa daga zagaye zuwa zagaye, ana shigo da abubuwa ba tare da musaya ba. Mafi muni shi ne umarni ya riƙa fitowa daga baki uku, mai makaranta da shugaba da akawu, kowa da nasa. Dole a ware mutum ɗaya mai yanke magana, wanda zai zauna awa ɗaya a ƙarshen kowane zagaye ya taɓa manhajar da hannunsa. In ba za a samu wannan mutumin ba, gaskiya ku koma Wotafol, rubutacciyar yarjejeniya da takardar neman canji mai farashi, don aƙalla tana kare ku.

Tunda kun riga kun fara, ka nemi zama da mai makarantar cikin satin nan da jerin a hannunka, ka kuma nemi a raba cikon kuɗin bisa abin da aka miƙa. Ka duba kalandar makarantar kafin ka jera aikin. In farkon zango ne ke tafe, ɓangaren kuɗi ya hau sama, in ƙarshensa ne, sakamako. Sati biyu kafin malamai su fara shigar da maki ku daina ƙara komai a wannan ɓangaren, sai gyaran kuskure kawai, kuma ku fara gwadawa da aji ɗaya, ku kwatanta abin da manhajar ta fitar da wanda malamin ajin ya lissafa da hannu.