Na Sauya Asusun Banki, Kwastomomina Sun Ɗauka Ɗan Damfara Ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, yawancin cinikina na 'yan sari ne daga Yola, Maiduguri, Sakkwato da Maraɗi, mutum kamar sittin. Na yi wa shagona rajista a CAC, na buɗe sabon asusu da sunan shagon. Na tura musu lambar ta WhatsApp na ce su daina tura kuɗi ta tsohon. Wasu sun yi shiru, wasu suna ta turawa ta tsohon, ɗaya ma ya kira ƙanena yana tambaya ko an sace min waya. Yaya zan yi su yarda ni ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan da ya kira ƙanenka, ka riƙe shi hannu biyu, domin shi ya yi abin da ya kamata kowa ya yi. Saƙon da ka tura, da wanda ɓarawo zai tura idan ya ƙwace maka WhatsApp, kamarsu ɗaya: sallama, sabuwar lamba, sai kuma "a daina turawa ta tsohon". Hotonka yana nan a sama, lambar wayarka ce, hirarku ta baya tana nan, ɓarawon ma, idan wayar ce a hannunsa, ya karanta ta ya ga wane yana da cikon naira dubu ɗari takwas da zai biya ranar Alhamis. Saboda haka babu kalmar da za ka rubuta a cikin saƙo da za ta wanke saƙon. Ko ka rantse, ɓarawo ya fi ka saurin rantsuwa. Abin da zai yi maka aiki shi ne ka ba mutanen nan hanyar tabbatarwa wadda ba ta bi ta cikin saƙon ba, hanyar da wanda ke riƙe da wayarka kaɗai ba zai iya tsarewa ba.

Kafin komai, ka ɗauki wayar wani ka gwada tura kuɗi zuwa sabon asusun. Idan an shigar da lambobi goman nan aka zaɓi banki, suna yakan fito kafin a danna tura. Ka duba wannan sunan da idonka, ka kwafe shi harafi bayan harafi yadda ya fito. Sau da yawa ba ya zuwa daidai da abin da ke kan allon shago: wani lokaci an ƙara ENTERPRISES ko VENTURES a ƙarshe, wani lokaci sunan ya yi tsawo manhajar ta yanke shi. Mutanen da suka shekara suna ganin sunanka na yanka, yau su ga wani suna na Turanci da ba su taɓa ji ba, dole hannunsu ya tsaya. Idan ma sunan da ka yi rajista da shi ya bambanta da wanda aka san ka da shi a kasuwa, to nan ne rabin matsalarka take, kuma sai ka faɗa musu da bakinka tun kafin su gani.

Sai ka raba mutum sittin ɗin nan. Idan ka buɗe littafinka za ka ga ba duka ne ke riƙe da cinikin ba. Wataƙila goma sha biyu ne ke kawo mafi yawan kuɗin. Waɗannan ba a yi musu saƙon jimla. Ka kira kowanne da layinka da ya sani shekara da shekaru, in da hali kiran bidiyo, kana zaune a shago, dilolin da ya saba gani suna bayanka, yaranka suna gaishe shi. Ku gaisa, ku taɓa zancen kayan da ya ɗauka na ƙarshe, sannan ka ce masa ka yi rajista, akwai sabon asusu, kuma takarda na tafe. A wannan kiran na fi son kada ka karanta lambar. Ka sanar da shi cewa canji na zuwa, da dalilinsa, da hanyar da lambar za ta iso masa. Mutum goma sha biyu, minti biyar-biyar, awa ɗaya ke nan, kuma ita ce awar da ta fi kowace amfani a wannan aikin.

Hanyar da lambar za ta bi kuwa, kana da wadda ta fi ta kowane kamfani ƙarfi: dilar kaya. Duk mako kana kai kaya tasha. Ka buga takarda mai sunan shago, da sunan banki, da lambar asusu, da sunan da zai fito a allo, ka sa hannu, ka buga hatimi, ka haɗa ta da rasit ka sa a cikin dilar kafin a ɗinke. Wanda ya ƙwace maka WhatsApp daga wani gari ba shi da hannun da zai kai cikin dilar da aka ɗaure a gabanka. Idan kwastoma ya kwance kayansa a Yola ya ga takardar a tsakanin turaman atamfar da shi ya zaɓa, kuma ya tuna ka gaya masa ido da ido cewa za ta zo, magana biyu sun haɗu daga hanya biyu. Daga nan saƙon WhatsApp ya zama tuni kawai.

Ga irin abin da zan so takardar da saƙon su ƙunsa, gajere, ba ado:

"Daga ranar kaza ga watan kaza, asusun shagonmu zai koma banki kaza, lamba kaza. Sunan da zai fito muku shi ne kaza. Dalili shi ne mun yi rajistar kasuwanci, muna raba kuɗin shago da na gida. Tsohon asusu yana nan yana aiki har ƙarshen watan kaza, babu gaggawa. Kafin ku tura kuɗi karon farko, ku kira ni ta lambar da kuke da ita tun da. Ba za mu sake sauya asusu ta hanyar saƙo kaɗai ba. Duk wanda ya turo muku wata lamba da sunanmu, kada ku biya sai mun yi magana."

Ka lura ban sa lambar waya a ciki ba, da gangan. Ɗan damfara yakan rubuta "don ƙarin bayani kira wannan lamba", lambar kuma tasa ce. Kai ka mayar da su ga wadda ke cikin wayarsu tuni. Haka nan kada ka sauya layi da asusu a lokaci ɗaya, ko da kana da niyyar hakan. Ka bar wata biyu ko uku a tsakani. Kuma ka nisanci kalmomin da suka zama tambarin ɓarayi: "cikin gaggawa", "yau-yau", "tsohon asusu ya samu matsala", "ina cikin taro ba zan iya ɗaga waya ba". Jumlarka ta "a daina turawa ta tsohon" tana cikin wannan dangin, shi ya sa ta tsorata su. Kada kuma ka haɗa sanarwar da neman bashi a saƙo ɗaya. Sabuwar lamba da "ina jiran cikon kuɗina" idan suka zo tare, ko ni aka turo wa ba zan biya ba.

Yanzu mu ɗauki mutum ɗaya mu bi shi. A ce na Maiduguri zai biya naira miliyan 2 da dubu 400. Ka kira shi ranar Litinin, takarda ta isa cikin kaya ranar Alhamis. Ranar biya shi ya kira ka, ba kai ba. Ya karanta maka lambobi goman daga takardar, kai kana dubawa. Ya shigar, ya karanta maka sunan da ya fito. Sai ya tura naira 1,000, ko ma wani adadi da shi kaɗai ya sani, kamar 1,150, bai faɗa maka ba. Kai ka buɗe manhajar bankinka, ba saƙon alat ba, domin alat na bogi ya yi yawa, ka gaya masa adadin da ya shigo. Idan ka faɗa daidai, ya tabbata mai magana da shi ne ke ganin cikin asusun. Sai ya tura sauran, ka cire abin da ya fara turowa daga lissafi. Kafin ku ajiye waya ka roƙe shi ya goge tsohon asusun daga jerin waɗanda ya adana a manhajarsa ya adana sabon. Yawancin masu ci gaba da turawa ta tsohon ba ƙin maganarka suka yi ba, yatsa ne ya saba da sunan da ke sama.

Akwai waɗanda ba su ke tura kuɗin da hannunsu ba, kuma nan ake yawan tuntuɓe. Wani yaronsa yake aika wa mai POS da lamba a rubuce a bayan kwali. Mutanen Maraɗi kuwa galibi sefa suke ba ɗan canji, shi ya tura maka naira. Ka tambayi kowa, "Wa ke tura maka?", ka ce a kai wa wannan mutumin takardar. A shago ma ka cire tsohuwar sitikar da ke bango, ka soke tsohuwar lambar a sauran littattafan rasit da biro ka sa hannu, ka tara yaranka ka gaya musu asusu ɗaya ne, kuma ba wanda zai ba kwastoma nasa "don sauri". Lamba biyu suna yawo a shago ɗaya, ko ba ɓarawo sai an yi rigima.

Dukkan wannan yana tsaye ne a kan layinka, don haka ka kulle shi yau. A WhatsApp ka shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification, ka sa lambar sirri. Lambobi shida da ke shigo maka ta saƙo kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga ƙungiyar 'yan kasuwa yake, ko taron tallafi ake shiryawa. Da wannan dabarar ake yawan ƙwace wa mutane WhatsApp. Idan kuma wata rana layinka ya ɗauke haka kawai alhali na kusa da kai suna da sabis, ka garzaya ofishin kamfanin layin, ka kuma sa ƙanenka ya kira manyan kwastomomi ya ce a dakata da biya.

Tsohon asusun kada ka yi saurin rufe shi. Ka ba shi aƙalla wata uku, domin akwai ɗan sarin da ba ya zuwa sai gab da sallah, kuma bai ji labarin ba. Kowace Juma'a ka duba abin da ya shigo ta can, ka kwashe zuwa sabon, ka rubuta a littafi sunan wanda ya turo, ka kira shi ka yi godiya ka tuna masa a hankali. A gefen sunan kowane kwastoma ka sa alama ranar da kuɗinsa ya fara shigowa ta sabon asusu. Idan sittin ɗin sun cika, ko saura biyu-uku da ka san sun bar sayayya, kuma wata guda ya wuce babu ko kwabo ta tsohon, sai ka je banki ka nemi bayanin asusun na shekarar a buga maka ka adana, sannan ka yanke shawarar rufe shi ko barinsa na hidimar gida.