Yadda Muke Neman Ganin Babban Shugaba a Wurin Aiki a Ingila

Ƙanena, ka tambaye ni yadda mu Hausawan da muka daɗe muna aiki a Ingila muke isa ga babban shugaban kamfani ba tare da an ce mun cika naci ba. Na san a Zariya an fi sabawa da kamun ƙafa, ko a tari mutum bayan sallar Juma'a, ko a je gida gaisuwa, sai an tambayi iyali da gajiya sannan a kawo buƙata. Wannan hanya tana da mutuncinta a gida, amma a nan wanda ya je gidan shugaba ba da gayyata ba ya ɓata rawarsa da tsalle, domin ana ɗaukar hakan shiga rayuwar mutum.

Ƙofar da muke bi ita ce sakatariyarsa, saboda jadawalin lokacinsa a hannunta yake. Kafin ita kuma, sai mutum ya sanar da shugabansa na kusa. Wannan ne na fi so ka riƙe, domin abu na farko da babban zai yi shi ne ya tambayi na ƙasa ko ya san da zancen, kuma idan ya ce bai sani ba, ka yi asarar mutum biyu a rana ɗaya.

Na taɓa lura cewa a rumbun kayan kamfaninmu ana yawan dawo mana da kaya saboda kuskuren adireshi. Na yi wata uku ina rubuta adadin, na nuna wa shugabana, ya amince in kai maganar sama. Saƙon da na tura wa sakatariyar jimla biyar ne kawai: sunana da sashena, matsalar da kuɗin da take ci, gyaran da nake gani, cewa shugabana ya sani, da roƙon minti 15 a duk ranar da ta yi masa daidai. Ban sa doguwar gaisuwa ba, ban yi masa kirari ba, ban kuma taɓo ƙarin girma ba, ko da yake, gaskiya, yana raina.

Shiru ya biyo baya. Na jira mako biyu, na tuna mata sau ɗaya, na haɗa da adadin sabon wata don kada tunin ya zo hannu rabbana. A mako na uku aka ba ni minti 10.

Idan aka ce maka a mayar da maganar ga shugaban sashenka, ko tuni ɗaya ya wuce ba amsa, to an rufe ƙofar cikin ladabi ke nan, kuma saƙo na uku naci ne. Sai ka bari har ka sami sabon abu a hannu. A ofis ɗinku na Zariya, ka riƙe gaisuwarka yadda aka saba, amma ka shiga da takarda shafi ɗaya wadda za ka bar masa a kan tebur.