Saƙon Farko Zuwa Ga Yayan Mahaifi

Tambaya: "Na sami lambar yayan mahaifina da ke Katsina, kuma ban taɓa tura masa saƙo ba. Shin in fara da 'ya kake', ko kuwa in yi masa cikakkiyar gaisuwa?"

Ka yi masa cikakkiyar gaisuwa, domin "ya kake" magana ce ta tsara da tsara, kuma dattijo zai ɗauke ta a matsayin rashin tarbiyya ko da bai faɗa maka ba. Ka fara da sallama cikakkiya ba tare da taƙaita ta zuwa haruffa uku ba, ka kira shi Baba ko Baffa gwargwadon yadda ake kiransa a gidanku, kada ka ambaci sunansa na yanka. Daga nan sai ka bayyana kanka ta hanyar mahaifinka, tunda ba shi da lambarka, misali ka rubuta: "Assalamu alaikum Baba, barka da yamma, an wuni lafiya? Ni ne ɗan ƙaninka na Kaduna, ina fatan duk mutanen gida suna lafiya."

Sharaɗin da na koya daga kuskurena shi ne kada ka haɗa gaisuwar farko da buƙata. Na taɓa gaida wani kawuna, a cikin saƙon kuma na roƙe shi ya sa baki a neman aikina. Bai amsa ba, sai ya kira mahaifiyata yana tambayar ko sai da buƙata na san da shi. Idan kuma dattijon ya fi sabawa da ajami fiye da boko, ko idonsa ya yi rauni, saƙon murya ya fi, kuma ka tura shi bayan la'asar, ba da tsakar dare ba.