Taransifomar atin mai naɗin zigzag, da aikin Kakuri da aka cinye mini

Oga, wannan taransifomar da aka kawo shago jiya ta ɗaure mini kai. Na ga bushin uku na shiga, na huɗu kuma an rubuta N, amma babu inda wuta ke fita. A farantinta an sa ZN. Me take yi, kuma me ya sa kowace ƙafa ke da koyil biyu?

Kai Bala, shekararka uku a hannuna, da ka ɗaga kai daga wayar nan ka karanta farantin da kyau da ka rage wa kanka rabin tambayar. Z ɗin nan naɗin zigzag yake nufi, N kuma nutural. Taransifomar atin ce, wato mai ɗaure layi da ƙasa. Ba ta ba kowa wuta, nutural take ƙirƙira wa layin da ba shi da shi.

Naɗin dalta ba shi da tsakiya, wannan ko sabon yaro ya sani. To idan gefen 11,000 na babbar taransifoma dalta ne, layin yana lilo ne, babu abin da ya ɗaure shi da ƙasa. Ranar da fes ɗaya ya taɓa ƙasa, karant ɗin da zai bi bai taka kara ya karya ba, rile, na'urar da ke gano matsala ta yar da bireka, ba za ta gan shi ba, bireka ba za ta faɗi ba. Amma sauran fes biyun, da suke kan bolt 6,350 tsakaninsu da ƙasa, za su haura zuwa 11,000 cif. Idan kuma wurin yana tartsatsi, yana kamawa yana saki, sai abin ya wuce haka nesa. Nan ne kebul da motar da ke juya inji ke fara hujewa ɗaya bayan ɗaya, mai masana'anta yana cewa asiri aka yi masa.

Dubi ƙafafun nan uku na ƙarfenta. Kowane fes an raba naɗinsa gida biyu daidai wa daida, rabi a kan ƙafarsa, rabi a kan ƙafar maƙwabcinsa, kuma an juya na biyun baya. Jan fes ya fara a ƙafa ta ɗaya ya ƙare a ta biyu, ruwan ɗorawa ya fara a ta biyu ya ƙare a ta uku, shuɗi ya fara a ta uku ya dawo ta ɗaya, sannan wutsiyoyin uku su haɗu su zama N. Lokacin da komai ke lafiya, kowane rabi yana ɗauke da kashi ɗaya cikin uku na wutar layi, wajen bolt 3,670, ƙarfen ya cika da maganaɗisu, shi kuwa maganaɗisun nan shi ke tare karant. Sai ta zauna shiru tana ɗan gurnani, ba ta shan komai sai kaɗan.

Da fes ya taɓa ƙasa sai labari ya canza. Karant ya biyo ƙasa ya shigo ta N, ya rabu uku daidai, kuma ukun tafiyarsu ɗaya, tare suke hawa tare suke sauka. A kowace ƙafa kenan akwai koyil biyu masu karant iri ɗaya, ɗaya na tura maganaɗisu sama, ɗaya na tura shi ƙasa. Sun kashe juna. Tunda babu maganaɗisu, babu mai tare hanya, karant ya wuce da ƙarfinsa, rile ta gan shi, bireka ta faɗi. Dalilin juya naɗin kenan. Da sita zalla ka naɗa, wato kowane fes a ƙafarsa kaɗai wutsiyoyin su haɗu a tsakiya, ba tare da dalta a bayanta ba, da ta shaƙe karant ɗin, ka sami nutural na suna kawai.

Irin wannan ce ta ja mini asarar da har yau idan na bi ta Kakuri sai raina ya ɓaci. Wani Alhaji mai masana'anta ya sayo tsohuwar taransifoma ta 33 zuwa 11, gefen 11 ɗin dalta. Cikin damina ɗaya ya ƙona manyan motoci biyu, sannan aka nuna masa ni. Na samo masa tsohuwar taransifomar atin, na warware ta, na sake naɗa ta da hannuna, jan ƙarfen ma da kuɗina na saya saboda rabin kuɗin aiki kawai ya ba ni. Lissafin a gabansa na yi. Muna son karant na laifi ya tsaya a am 300, sai na raba 6,350 da 300, ya ba ni wajen om 21, na sa rezisto na wannan girman tsakanin N da ramin atin. Kowane koyil zai ɗauki am 100. Na ce masa, Alhaji, wannan kayan na daƙiƙa 10 ne, an rubuta a jikinsa. Ka ninka 6,350 da 300, kusan kilowat 1,900 ne na zafi yake sauka a wurin nan. Dole rile ta yar da bireka cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, ita kuma bireka ba ta faɗuwa sai da batir mai rai. Batiran da na tarar a ɗakin sun mutu, bakinsu ya yi fari da gishiri, cajar ma ba ta aiki. Ya ce in sha Allahu mako mai zuwa. Ranar gwaji da batiran aro na yar da birekar sau uku a gaban injiniyansa, na kwashe kayana na tafi.

Bai saya ba. Cikin watan Agusta ruwa ya shiga wani haɗin kebul da ke ƙarƙashin ƙasa. Rile ta yi aikinta, tutarta ta faɗo, ni da idona na ganta washegari, amma babu wutar da za ta ja birekar. Am 300 ya yi ta zuba na mintuna, har sai da mai gadi ya ga hayaƙi. Da na buɗe murfin, man ya koma baƙi kamar na tsohuwar tifa, takardar naɗin tana marmashewa a yatsa, rezisto ya narke ya tsinke. Mutumin nan ya dube ni a gaban yarana ya ce naɗina ne na banza, ba zai biya cikon ba, har yana cewa in gode wa Allah bai kai ni ƙara ba. Na ce a kawo batiran a auna a gaban kowa, ya ce ba shi da lokaci. Wata shida ina biyan bashin jan ƙarfen nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sunana da ya ɓata a wurin mutane biyu da suka riga suka yi mini alkawarin aiki. Tun daga ranar ba na haɗa taransifomar atin sai na ga rasit ɗin batir, kuma sai an sa hannu a takarda cewa bireka ta faɗi a gabanmu.

Ku yaran yanzu kuna son a ce kun iya naɗi cikin wata uku, alhali a nan kai da wutsiyar koyil ɗaya idan ka musanya ka kashe aikin. Gobe da safe kai za ka gwada wannan. Ka ba ta 415 a bushin ukun, ka auna kowane bushin zuwa N, ka ga wajen 240. Sannan ka auna kowane rabin koyil, dole shidan su ba ka wajen 138. Idan ka ga 240 a kan rabi, an haɗa su ba a juya ba, kuma ranar da aka ɗora mata 11,000 ƙarfen zai ƙoshi ya yi ta ruri har ta ƙone. Idan shidan suka saɓa wa juna, ɗaya ne aka juya ba daidai ba ko an yi kuskuren ƙirga zagaye. Bayan nan ka haɗe bushin ukun da waya ɗaya, ka ba da 'yar ƙaramar wuta ta fes ɗaya tsakaninsu da N, ka ɗaga a hankali kana kallon kilam mita. Karant zai hau da wuri, kuma kowace ƙafa ta ɗauki kashi ɗaya cikin uku. Ka rubuta lambobin a littafi ka kawo mini kafin azahar, kuma kada ka taɓa bushin sai ka kashe wutar ka sauke cajin.