Ranar cira da ranar ɗinki: yadda ake rubuta bayanin albasa

Maigida, an ba ni albasa buhu 120 daga wajen Goronyo in nemo mai saye a Legas. Na rubuta "albasa ja, buhu 120, sabuwa, mai kyau", amma duk wanda na tura wa sai ya dawo da tambayoyi, wani ma ya yi shiru. Me ya kamata in rubuta?

Yaro, mutumin da ke zaune a kasuwar Mile 12 ba ya ganin kayanka, kuma abin da ya dame shi shi ne yadda za su isa gabansa bayan kwana biyu ko uku a bayan mota, ta Kontagora da Jebba da Ilorin, daga busasshen zafin Sakkwato zuwa raɓar kurmi. Da bayaninka zai yi wannan lissafi. Kalmar "sabuwa" kuwa tsoro take ba shi, don albasar da aka cire jiya ita ce mafi saurin ruɓewa a hanya.

Saboda haka fara da rana, kuma rana biyu za ka rubuta. Ta farko ranar da aka cire ta daga gona, ta biyu ranar da aka ɗura ta a buhu aka ɗinke. Tazarar da ke tsakaninsu ita ke faɗa wa mai saye ko albasar ta sha iska. Idan an cire ta ana baza ta a inuwa, ko a rufe ta da lawashinta don kada rana ta dafa ta, kamar kwana goma zuwa mako biyu, har wuyanta ya tsuke ya bushe. Wuyan nan shi ne ƙofar ruɓa. In an yanke lawashi wuya na ɗanye aka cusa ta a buhu, ruwa na nan a ciki, zafin mota ya taso, sai ta fara laushi daga sama zuwa ciki alhali ɓawonta na sheƙi. Kada ka karɓi ranar daga bakin manomi kawai. Zare guda goma daga tsakiyar buhu, ba daga baki ba inda ake jera kyawawa, ka matse wuyan kowace da babban yatsa. In ya lotsa ko ka ji santsi, ba ta bushe ba, ko me aka ce maka. Wadda ta bushe, ɓawonta na ƙaras-ƙaras in ka juya ta a hannu. Ka kuma tambaya yaushe aka yanke mata ban ruwa, domin wadda aka shayar har gab da cira tana da nauyi a sikeli amma ba ta ajiyuwa. Masu yi da kyau suna tsayar da ruwa kamar mako biyu kafin cira.

Sai iri. "Ja" launi ne kawai. Rubuta 'yar rani ce ko 'yar damina, don ta rani da ake cirewa daga Fabrairu zuwa Afrilu ta fi jure ajiya da tafiya, ta damina kuwa ruwa gare ta, sayar da ita ake da gaggawa. In manomi ya san sunan irin da ya shuka, 'yar Galmi ce ko gindin tasa ko wuyan bijimi, sa shi. In bai sani ba kada ka laƙa mata suna, ka kwatanta ta: mai faɗi ce ko zagayayya, ja ce sosai ko mai haske. Ka faɗi girma, ka kuma faɗi ko an tsince. Tsinta tana nufin an fitar da tagwaye, da wadda fartanya ta sara, da wadda ta yi karan fure, wadda tsakiyarta ke da tauri ba ta kuma daɗewa. In ka ga baƙar ƙura a ƙarƙashin ɓawo, fumfuna ce da zafi ke haifarwa, ka ware ta.

Yawa shi ne inda rigima ta fi tashi. Buhu ba awo ba ne. Wani buhun an yi masa hula a baki har ya yi tozo, wani an ɗinke shi a kwance, kuma duka sunansu buhu. Ɗauki guda goma daga wurare daban-daban cikin tarin, ka ɗora a sikeli, ka rubuta mafi sauƙi da mafi nauyi da matsakaici, tare da ranar awon. A ce mafi sauƙi kilo 96, mafi nauyi 104, matsakaici 100: buhu 120 ya zama tan 12 ke nan. Ranar awo tana da amfani don albasa tana ramewa kullum, ruwanta na fita. Wadda aka auna washegarin cira tana iya rage kilo uku zuwa biyar a kowane ɗari kafin ta gama bushewa, ba tare da ko ɗaya ta ruɓe ba. In ka rubuta nauyin ɗanya, mai saye ya auna busasshiya, ɓarawo zai kira ka, kuma sikelinsa bai yi ƙarya ba.

Buhun kansa ma ka faɗi irinsa. Na raga da na algarara suna shan iska. Na roba mai matsattsiyar saƙa, irin na taki, yana riƙe gumi, albasa ta dahu a ciki. In da shi aka ɗura, faɗi gaskiya, mai saye ya san zai juye ta da zarar ta sauka. Tan 12 ba zai cika tirela ba, za a haɗa da kayan wasu, don haka kowane buhu ya sami lambarka da fenti, ka kuma rubuta lambar a bayanin. Faɗi kuma ko motar buɗaɗɗiya ce da ake rufe samanta, don tamfol ɗin da aka ɗaure gam har ƙasa yana kare ruwan sama amma yana toshe iska.

Ga yadda naka zai fita, in abin da ka gani ya yi daidai da haka: Albasa ja 'yar rani, noman Goronyo, manya da matsakaita, an tsince. An yanke ruwa ƙarshen Fabrairu, an cire 10 ga Maris, ta sha iska a inuwa kwana 13, an ɗinke 23 ga Maris. Buhun algarara 120, ba hula, an auna 10 ranar 24 ga Maris, kilo 96 zuwa 104, jimla kusan tan 12. Lamba jan fenti, harafi biyu. Kaya suna Sakkwato, farashin nan bai haɗa da dako da kuɗin mota ba.

In an cire gonar kashi biyu, a ce buhu 80 ranar 10 ga wata, 40 ranar 19, kada ka haɗa su ƙarƙashin rana guda. Raba su layi biyu da lamba biyu, ka bar 40 ɗin nan su ƙara mako guda a inuwa kafin a loda su, ko da motar wannan makon za ta tafi ta bar su.