Ankon biki: yadda za a yi atamfa ɗaya, ɗinki kowa da nasa

Tambaya: Anti, bikin ƙanwata ya matso, mun fitar da ankon atamfa mu takwas har da Mama da yara biyu. Ya za mu yi kar mu fito kamar 'yan makaranta a yunifom?

Amsa: To 'yar uwa, tun kafin ku zo wajen tela, ku fara sayen atamfar gaba ɗaya a shago ɗaya, rana ɗaya. Zane ɗaya sai ki same shi a mai tsada da mai araha, a Kasuwar Sabon Gari ki ga kamar duk ɗaya ne, sai an fito rana ko an ɗau hoto ki ga ta wannan ta fi ta waccan duhu. Ki haɗa bakin turamen a hasken waje ki duba kafin ki biya.

Turmi yadi shida ne, a cikinsa muke wasa. Mama a bar ta da riga da zani, zani yadi biyu, riga mai walwala wajen biyu, ɗankwali ɗaya, ragowar ta yi ɗauri babba, dama ai uwar amarya ce. 'Yar surfani a wuya ta ishe ta. Ku 'yan matan kuma a nan aikin yake, wata doguwar riga, wata riga da siket mai buɗewa daga gwiwa, mai jiki ko mai shayarwa a yi mata bubu ko a sa zif ta gaba. Hannu da wuya su suka fi canza kama, wata hannu mai tattara, wata dogo ɗamamme. Yaran biyu turmi ɗaya ya ishe su.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne fulawar atamfar. In manya ce, tela zai iya zaunar da ita a ƙirjin wata, ya kai ta ƙasan siket ɗin wata, ko ya yanko ta ya ɗora a kafaɗa ya bi da duwatsu. Amma fa tana cin yadi, don sai an daidaita ta gaba da baya, in ba haka ba ki ga rabin fulawa a ɗinkin gefe ko ta kalli ƙasa. Mai tsayi da ke son siket mai faɗi gara ta ƙara yadi biyu tun yanzu.

Ni dai ba na son kowa ya haɗa da kalar da ya ga dama, nan anko ke watsewa. Ku zaɓi kala ɗaya daga cikin atamfar, da ita za a yi haɗi da gyale. Kuma kowa ta zo awo da kanta, ta rubuta sunanta a bakin turminta, kaya takwas iri ɗaya a shago ba wuya su cakuɗe. Ku kawo da saura wata guda, a gwada ana saura sati saboda gyara.